Rabon Wata Bakwai na Aikin Binciken Ajin Ƙarshe

A galibin jami'o'in Najeriya, aikin binciken ajin ƙarshe babi biyar ne, ana kuma yin sa cikin zango biyu, wajen wata bakwai. Ɗalibi mai wayo daga ranar kare aiki yake fara lissafi, ya dawo baya.

A ce wata ɗaliba na binciken yadda manoman albasa ke samun bashi. Wata biyun farko na bitar rubuce-rubucen magabata ne, wato babi na biyu, domin daga nan tambayoyinta za su fito. A wata na uku ta rubuta babin hanyoyin bincike, ta gwada takardar tambayoyin a kan manoma goma. Idan suka yi ta cewa "Malama, me kike nufi?", tambayar ce ke da gyara.

Tattara bayanai shi ne mai cin lokaci. Manomi ba ya zama lokacin girbi, kuma takardu 150 ba sa dawowa duka, don haka sai ta raba 180, ta ware sati shida.

Sauran lokacin na nazari da rubutu ne. Amma kowane babi ta ƙara masa sati biyu, domin malami mai duba ɗalibai da yawa ba ya mayar da gyara washegari.