Yadda ake kai hasken rana tsakiyar gini mai zurfi

A yawancin filaye masu ƙafa 50 da 100 da ake ginawa a Kano da Kaduna, katangar maƙwabta kan tsare gefe biyu, sai ya zama ta gaba da ta baya kaɗai haske ke shiga. Shi ya sa ake ganin asibiti ko makaranta da ƙwan lantarki a kunne da tsakar rana.

Masu zanen gini na da ƙa'idar da suke ƙiyasi da ita: haske mai amfani yana shiga ɗaki kimanin ninki biyu na tsayin da ke tsakanin daɓe da saman taga. Ke nan tsayin taga ne ke tura haske ciki. Faɗaɗa ta kuwa bakin tagar yake ƙara wa haske da zafi, ƙuryar ɗaki na nan da duhunta.

A ɗauki bene mai hawa ɗaya, mai zurfin mita 24. Idan saman tagoginsa ya tsaya a mita 2.1, daidai da saman ƙofa kamar yadda magina suka saba, haske zai ci kusan mita huɗu ta gaba, huɗu ta baya, ya bar mita 16 cikin duhu. Idan rufin ya ba da dama aka ɗaga saman tagar zuwa mita uku, kowane ɓangare zai samu mita shida, amma har yanzu da sauran mita 12.

A nan rijiyar haske ke shigowa, wato sararin da ake bari a buɗe daga ƙasa har sama a tsakiyar gini, tamkar ƙaramar tsakar gida. Idan aka ware mata mita huɗu, ginin ya rabu gida biyu, kowane mita goma, kuma kowane na samun haske ta fuska biyu. Sai dai masu gini kan ji ƙyashin filin, su matse ta zuwa mita ɗaya, abin da ke sa hasken ya ƙare a saman bene bai kai ƙasa ba. Gwajin mai sauƙi ne: wanda ke zaune a ɗakin ƙasa, idan ya dubi taga bai hangi sararin sama ba, hasken da ke isa gare shi kaɗan ne. Farin fenti a bangon rijiyar na taimakawa, kuma tilas a yi mata magudanar ruwa saboda damina.

Game da girman taga, dokokin gini da dama na neman kada faɗin gilashi ya gaza kashi goma cikin ɗari na faɗin daɓe. Aji mai mita shida da takwas, wato murabba'in mita 48, na buƙatar aƙalla 4.8. A ƙasa mai zafi, zarce wannan da yawa na jawo zufa, musamman a tagogin gabas da yamma waɗanda rana ke duka kai tsaye. Tagogin arewa da kudu sun fi sauƙin karewa da 'yar rumfa a samansu, amma ƙurar hunturu na dusashe gilashi, don haka a tanadi hanyar isa ga tagogin sama domin gogewa.