Wasiƙar Likita a kan Abincin Mai Ciwon Maƙoshi

A karkarar Matamaye wani yaro ya sha ruwan sodar sabulu. Maƙoshinsa ya ƙone, ya tsuke. Bayan an buɗa masa shi a asibiti, likitar abinci ta rubuto wa iyayensa wasiƙa.

Ta ce ranar farko ruwa da koko tatacce kawai, mai ɗumi. Kashegari kunu, nono, sannan tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Kaɗan-kaɗan, sau 6 a yini, yana zaune. Ban da kilishi da ƙuli-ƙuli, don suna maƙalewa.

In zazzaɓi, ciwon ƙirji ko aman jini ya zo, wataƙila maƙoshin ya yage. A daina ba shi kome, a kai shi asibiti nan da nan.