Auna filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi: ina lissafi ke zarcewa, ina yake gazawa?

Auna fili mai miƙaƙƙun gefuna ba wuya, tsawo sau faɗi ne. Idan gefen sama ya lanƙwashe kuwa, sai a yanka filin tsaye-tsaye, a ɗauki kowane yanki tamkar dogon murabba'i, a auna, a tara. Dabarar tana ɗauke da sunan Bernhard Riemann, Bajamushen da ya kafa ta bisa ƙa'ida a 1854. Abin tambaya shi ne, tunda saman yankin ba daidai yake ba, a ina za a ɗauki tsawonsa: a gefen hagu, a dama, ko a tsakiya?

Mu ɗauki layin y = x², daga 0 zuwa 4, mu yanka shi huɗu, kowane yanki faɗinsa 1. Ainihin girman filin 64/3 ne, wato kusan 21.33. In aka auna daga hagu, tsawon ya zama 0, 1, 4 da 9, jimla 14. Daga dama kuma 1, 4, 9 da 16, jimla 30. Dalili a fili yake. Layin hawa yake yi, don haka gefen hagu shi ne mafi gajarta a kowane yanki, na dama mafi tsawo. Hagu ya gaza, dama ta zarce. Da gangara yake yi, da abin ya juye.

Yanzu tsakiya: a 0.5, 1.5, 2.5 da 3.5, tsawon ya fito 0.25, 2.25, 6.25 da 12.25. Jimla 21 cif, giɓin sulusi kacal.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin hawa ko gangara ba ruwansu da ko lissafin tsakiya zai gaza ko zai zarce. Yadda layin ya lanƙwasa shi ne ke yanke hukunci. Ka karkata rufin murabba'in daga tsakiyarsa har ya kwanta jikin layin. Girmansa bai canja ba, abin da ya ragu ta hagu shi ya ƙaru ta dama. To idan layin ya buɗe sama kamar ƙwarya a ajiye, irin na x², wannan miƙaƙƙen rufi yana ƙarƙashinsa, sai lissafi ya gaza. Idan kuwa ƙwaryar a kife take, rufin na samansa, sai ya zarce. Gwada y = √x a kan wannan tazara: shi ma hawa yake, hagu ya ba da 4.15, dama 6.15, amma tsakiya ta ba da 5.38 alhali amsar 5.33 ce.

Ni dai tsakiya na fi amincewa da ita. A misalin x², in aka mai da yankan takwas, hagu ya koma 17.5, dama 25.5, tsakiya kuwa 21.25. Kuskuren gefuna ya ragu da wajen rabi, nata ya koma rubu'in yadda yake. Sai dai in layi ya hau sannan ya gangara, ko ya sauya lanƙwasa a hanya, dole a raba shi daidai inda ya sauya, a duba kowane ɓangare daban.