Sanin Shekarun Keken Ɗinki da Irinsa: Gargaɗi ga Mai Saye da Mai Gyara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu sayar da tsofaffin kekunan ɗinki, ya ji yadda dillali yake rantsuwa cewa wannan baƙin kan da ke gabansa Singa ce ta asali, 'yar Ingila, wadda ta girmi mai saye da mahaifinsa, ya san cewa cinikin yakan ƙare ne a kan zato, domin mai saye ba shi da hujjar ƙaryatawa, shi kuma mai sayarwa, sau da yawa, abin da aka faɗa masa yake maimaitawa ba da niyyar ha'inci ba. Alhali kuwa keken da kansa yana ɗauke da shaidu uku, wato tambarin da ke jikin ginshiƙinsa, da siffar ƙirarsa, da lambar da aka buga a gadonsa, kuma kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya auna adalcin kowane mai shaida, haka ya wajaba a san cewa waɗannan ukun ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi rauninsu shi ne wanda ido ya fi saurin kaiwa gare shi, wato tambari. Na kamfanin Singer ɗan faranti ne na tagulla mai siffar ƙwai, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi biyu a ginshiƙin dama, a cikinsa akwai hoton ƙoshiya da allurai biyu a gicciye da zare da ya naɗe ya ba da harafin S. Yana da amfani ta fuskar ƙiyasin zamani, domin a shekarar 1951, da kamfanin ya cika shekara ɗari da kafuwa a hannun Isaac Merritt Singer, an fitar da tambari mai shuɗin zobe ɗauke da 1851 da 1951, daga baya kuma, wajen 1960, aka koma ga mai jan harafin S. Sai dai abin da ƙusa biyu suka riƙe, ƙusa biyu suna iya mayar da shi jikin wani keken, shi ya sa mai lura yakan duba kawunan ƙusoshin ko an taɓa su, ya kuma duba ko fentin da ke kewaye ya kwarzane. Zanen ruwan zinariya da ke jikin hannu da gado shi ma haka yake, musamman wanda yake da hoton gunkin nan na Masar mai jikin zaki da kan mutum, wanda aka daɗe ana sa wa kekunan Singer, aka kuma ci gaba da buga shi a jikin sababbin kekunan da aka ƙera a ƙasashen Asiya, har ya zama ganinsa kaɗai ba ya tabbatar da tsufa.

Siffa ta fi tambari gaskiya nesa ba kusa ba, saboda zubin ƙarfe ba ya sauyuwa da fenti, kuma ita ce take faɗin irin keken, abin da kuma tela ya fi bukata ke nan ranar da zai nemi kayan gyara. Abu na farko da za a nema shi ne mazaunin abin ɗaure zaren sama, wato ƙananan faya-fayan nan biyu masu sukurin matsewa. Idan yana jikin murfin fuska ta hagu, yana kallon gefe, kuma ana zura hannu ƙarƙashin gado a ciro kwarkwaro a cikin gidansa na ƙarfe, to wannan dangin lamba 15 ne, wanda shi ne ya cika shagunan teloli a ƙasar Hausa. Idan kuwa abin ɗaure zaren yana gaba, yana fuskantar mai ɗinki, kuma ana janye murfi a jefa kwarkwaro daga sama a kwance ba tare da an ciro wani gida ba, to galibi lamba 66 ce, ko ƙanwarta 99 wadda ta fito a 1911, kuma ana raba su da awon gado: babbar tana da tsawon inci goma sha huɗu da rabi, ƙaramar kuwa kimanin inci goma sha biyu. Lamba 201 ma daga sama ake jefa mata kwarkwaro, amma ƙugiyarta zagayawa take yi ɗungum, ba kai da komo ba. Akwai kuma tsohon dangi mai doguwar ƙoshiya kamar harsashi, da murafai biyu dogaye a gado, su ne 27 da 28, da magadansu 127 da 128, waɗanda ake ganewa da cewa abin naɗa zarensu ya hau sama kusa da gargaren hannu.

A cikin dangin 15 ɗin nan akwai wani bambanci da ya sa teloli da yawa sun zagi keke mai lafiya. Gidan kwarkwaronsa yana da ɗan yatsa da yake shiga wani gurbi, kuma idan aka ƙaddara gidan fuskar agogo ne, to a wasu kekunan yatsan yana nuna ƙarfe ɗaya, a wasu kuma ƙarfe goma sha ɗaya. Masu ƙarfe ɗaya, irin su 15-30 da 15K80 da mafi yawan kekunan da aka kwaikwaya daga gare su, ana sa musu allura shafaffen gefenta yana kallon dama, a zura zare daga hagu zuwa dama. Masu ƙarfe goma sha ɗaya, wato 15-88 da 15-90 da 15-91, akasin haka ne: shafaffen gefe hagu, zare daga dama. Wanda ya sayi gidan da ba na kekensa ba, ko ya juya allura, zai ga keken yana tsallake ɗinki ko ya ƙi ɗauko zaren ƙasa gaba ɗaya, ya yi ta kai wa mai gyara kuɗi a kan cutar da ba ta wanzu ba.

Shaida ta uku, wadda ita ce mai faɗin shekara, ita ce lambar da ke gaban gado ta hannun dama, a gindin ginshiƙi, wani lokaci a kan ɗan faranti, wani lokaci a buge cikin ƙarfen kansa, a kekunan baya-bayan nan kuwa sai an kifa kan an duba ƙarƙashi ko gefen gado. Kada a ruɗe ta da lambobin da ke jikin ƙananan sassa tare da kalmar SIMANCO, domin waɗannan lambobin kayan gyara ne, haka nan lambar jikin mota ta motar ce, kuma shekarun da akan gani a rubuce a murfin ƙoshiya na rajistar ƙirƙira ne, iyakar abin da suke nunawa shi ne keken bai riga su zuwa duniya ba. Ƙa'idar ita ce, lambar Singer da ba ta da harafi a gabanta ta kafin 1900 ce, daga 1900 aka fara sa harafi ɗaya, sa'an nan aka koma haruffa biyu. Masana'antar Elizabethport da ke New Jersey ta Amurka ta yi amfani da G daga 1910 zuwa 1924, daga nan ta shiga AA, AB, har zuwa gaba. Masana'antar Kilbowie da ke Clydebank kusa da Glasgow, wadda ita ce mutanenmu suke nufi da 'yar Ingila ko da yake a Sikotilan take, ta yi amfani da Y har zuwa 1935, sa'an nan ta fara EA, EB, tana tafe har aka rufe ta a 1980, kuma harafin K da ake gani a sunaye irin su 15K da 99K daga sunan Kilbowie aka ɗauko shi. Ƙungiyar masu tara tsofaffin kekunan ɗinki da ake kira ISMACS ta wallafa jadawalin waɗannan lambobi, inda kowane rukuni yake tare da irin keken da adadinsa da kwanan wata.

Wannan kwanan wata, ya kamata a sani, ranar da aka ware rukunin lambobin ce ga masana'anta, ba ranar da keken ya fito ba, kuma tsakaninsu akan sami watanni. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne na ƙidayar alƙaluma, domin tsohon mai da ƙura sukan cike alƙalami guda har ya ɓace wa ido. Lambar da ta fara da Y8 mai alƙaluma bakwai ta farkon shekarun 1930 ce, amma idan aka yar da guda ɗaya aka karanta shida, sai jadawalin ya mayar da mutum wajen 1923, la'alla ma ya ba shi sunan wani irin keke dabam. Maganinsa a ɗiga man keke a kan lambar, a goge da tsumma mai laushi, a haska fitila daga gefe, kuma a nisanci yashi da takardar goge ƙarfe.

A ƙaddara an kawo wa mutum baƙin kai, abin ɗaure zarensa a fuskar hagu, kwarkwaronsa a cikin gida mai yatsa a ƙarfe ɗaya, ba shi da ribas, sai ɗan sukurin da ake ɗagawa a sauke don tsawon ɗinki, tambarinsa mai shuɗin zobe, an rubuta Great Britain a jikin hannunsa, lambarsa kuma EG da alƙaluma shida. Siffa ta ce dangin 15 ne na tsohon tsari, rashin ribas da mazaunin yatsa suna karkata ga 15K80. Haruffan sun ce Clydebank, wajen 1950 zuwa 1951. Tambarin ya yi daidai da wannan lokaci. Abin da ya rage shi ne a duba jadawali a ga ko rukunin da lambar ta faɗa a ciki na 15K ne, in haka ne kuwa zato ya zama yaƙini. Amma da jadawalin zai ce rukunin na 99K ne, sai a sake karanta lambar, in ta tabbata a haka, to akwai algus a wani wuri. Da kuma wannan shuɗin tambari zai bayyana a kan keke mai lambar Y, sai a gaskata lambar a tuhumi tambarin, domin shekara goma sha biyar ko fiye ne tsakaninsu. Teburi da ƙafafun ƙarfe ba sa shiga wannan hisabi ko kaɗan, tun da kai yakan sauya teburi sau da dama a rayuwarsa.

Saura kekunan da suka yi kama da 15 alhali ba Singer ta yi su ba, waɗanda su ne mafi rinjaye a kasuwanninmu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun ƙera su da yawan gaske, suna manna musu duk sunan da ɗan kasuwar da ya yi oda ya zaɓa, saboda haka sunan da ke jikinsu sau da yawa na mai sayarwa ne, ba na maƙeri ba; akan gane su da haruffan JA ko JC da 'yar lamba a ƙarƙashin gado, wanda kuma aka rubuta wa Made in Occupied Japan bai wuce 1952 ba. Butterfly ta Shanghai, mai hoton malam buɗe littafi, da Usha ta Indiya su ma sun ƙera irinsu. Ba aibi ba ne keke ya kasance ɗaya daga cikin waɗannan, da yawansu sun aurar da 'ya'ya sun gina gidaje, aibin shi ne a biya kuɗin Singa a kansu. Lambarsu ba ta karantuwa a jadawalin Singer, kuma wanda ya gwada zai iya cin karo da shekarar da ta dace bisa tsautsayi ya ɗauke ta hujja, shi ya sa ake fara kifa kan a nemi SIMANCO a jikin sassan ƙarƙashi kafin a buɗe jadawali.