Daga Jadawali Zuwa Labari: Yadda Ake Fayyace Rahoton Hauhawar Farashi

A tsakiyar watan Agustan 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar da rahotonta na hauhawar farashi na watan Yuli. Kamar kullum, rahoton cike yake da jadawali: na ƙasa baki ɗaya, na abinci, na birni da ƙauye, na jiha-jiha. Adadin da ya fi jan hankali shi ne kashi 33.40 cikin ɗari, alhali a watan Yuni kashi 34.19 ne. Wannan ne karon farko da adadin ya yi ƙasa bayan ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi yana hawa. Duk wanda aka ɗora wa aikin mai da wannan rahoto labari, ɗan jarida ne ko ma'aikacin ofis da zai yi wa maigidansa taƙaitaccen bayani, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayi ya rubuta cewa farashin kaya ya sauka. Idan ya rubuta haka, ya kwafi lambobi daidai amma ya faɗi abin da ba gaskiya ba.

A irin wannan aiki, ba kasafai kuskure yake fitowa daga kwafar lamba ba. Inda yake ɓuya shi ne a maganar da aka kewaye lambar da ita. Don haka kafin a rubuta jimla ko ɗaya, sai a zauna da kan jadawalin, a tambayi kowane adadi: me aka auna, kuma da wane lokaci aka kwatanta? Kashi 33.40 ɗin nan kwatanci ne na Yulin 2024 da Yulin 2023. Ma'anarsa, tarin kayan masarufin da aka saya naira 1,000 a Yulin bara, a matsakaicin lissafi sun koma naira 1,334. A cikin rahoton akwai wani adadi na daban da ke kwatanta wata da watan da ya gabace shi, kuma shi ya nuna kashi 2.28. Wato kayan naira 1,000 a Yuni sun kai kusan naira 1,023 a Yuli. Ashe farashi bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Saurin hawan ne ya ɗan lafa, kamar motar da direba ya sassauta wa totur amma tana ci gaba da tafiya. Matar da ta je Kasuwar Rimi cefane a wannan watan ta san haka tun kafin a buga rahoto, kuma idan ta ji a rediyo cewa kaya sun yi sauƙi, ba za ta sake yarda da mai labarin ba.

Sai zaɓe. Jadawali ba ya fifita wani adadi a kan wani, kowa na zaune a gurbinsa. Shi kuwa labari dole ya fifita, don mai karatu ba zai iya riƙe lambobi ashirin a kansa ba. A wannan rahoto guda huɗu ko biyar sun wadatar: adadin Yuli, na Yuni, na wata-wata, da na abinci, wanda ya sauko daga kashi 40.87 zuwa 39.53. Na jihohi a bar su a jadawalinsu a ƙarshen rubutu, mai bukatar na jiharsa ya duba. Ni a ganina, sakin layin da ya ɗauki lambobi fiye da huɗu jadawali ne da aka cire wa layuka, ya ma fi na asalin wuyar karantawa.

Ga yadda sakin layin zai iya fitowa: "Farashin kaya ya ci gaba da tashi a watan Yuli, sai dai saurin tashin ya ragu kaɗan. Idan aka kwatanta da bara war haka, kaya sun ƙara tsada da kashi 33.40 cikin ɗari, ƙasa da kashi 34.19 da aka gani a Yuni. Abinci har yanzu ya fi matsakaicin sauran kaya tashi, da kusan kashi 40." An fara da ma'ana, lambobi suka biyo baya a matsayin shaida.

Wurin da ƙwararru ma kan yi tuntuɓe shi ne ragi tsakanin kashi biyu. A Yulin 2023 hauhawar tana kashi 24.08. Daga nan zuwa 33.40 bambancin 9.32 ne, amma maki ne, ba kashi ba. Wanda ya ce hauhawa ta ƙaru da kashi 9.32 cikin ɗari ya rage girman abin ƙwarai, domin idan aka raba 9.32 da 24.08, ƙarin ya kusa kashi 39 cikin ɗari. Daidai shi ne a ce ta ƙaru da maki 9.32, ko kuma mafi sauƙi, ta tashi daga kaza zuwa kaza, mai karatu ya gani da idonsa.

Taƙaita lamba ma yana da ƙa'ida: a gama lissafi tukuna. Idan aka fara mai da 34.19 ya zama 34, 33.40 ya zama 33, sai a ga raguwar maki ɗaya. A yi wa abinci haka, 41 da 40, nan ma maki ɗaya, sai ka rantse daidai suka ragu. Alhali na gaba ɗaya maki 0.79 ne, na abinci kuwa 1.34. Haka kuma 39.53 "kusan kashi 40" ne, ba "sama da" ba.

Jadawali ba ya faɗin dalili. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar sanannun abubuwa ne, kuma ya dace a ambace su. Amma da zarar marubuci ya sa "saboda" tsakanin adadi da wani lamari, ya fita daga rahoton, sai ya bayyana ko ra'ayin wane ne, nasa ko na wani masani.

Akwai tarkon da ya fi waɗannan girma, ya kuma bayyana bayan 'yan watanni. A Disambar 2024 hukumar ta ba da kashi 34.80, a Janairun 2025 sai ga 24.48. Mai kallon lambobi kawai zai ce hauhawa ta faɗi da fiye da maki goma cikin wata guda. Abin da ya faru shi ne an sabunta ma'aunin: an mai da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an sake jerin kayan da ake bibiyar farashinsu da nauyin da kowanne ke da shi a lissafi. Lambobin biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba, don haka ba a cire ɗaya daga ɗaya. Irin wannan bayani yakan zauna a gabatarwa ko a ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin jadawali, inda mai gaggawa ba ya leƙawa. A labari kuwa, wurinsa jimlar da ke biye da adadin kai tsaye.

Idan an gama rubutu, a ja layi a ƙarƙashin kowace lamba, a rubuta shafi da jadawalin da ta fito a gefe. Waɗanda marubuci ya lissafa da kansa, irin su 0.79 da naira 1,334, a yi musu alama ta daban a sake lissafa su. Daga nan a sami abokin aiki ya riƙe rahoton, marubuci yana karanta labarin da ƙarfi, shi yana duba adadi da wata da shekara. Kanun labari shi ake dubawa a ƙarshe, domin sau da yawa wani ne daban yake rubuta shi, kuma nan ne "saurin hawa ya ragu" yake rikiɗewa ya koma "farashi ya sauka" don ya shiga layi ɗaya.