Ɓarauniyar Hanya a Cikin Zuciya

Akwai matasa masu ƙoshin lafiya da zuciyarsu kan kama gudu farat ɗaya, ta yi ta dukan ƙirji na wasu mintuna, sannan ta lafa kamar ba a yi ba. Sau da yawa a gida a ce tsoro ne ko gajiya. Amma a wajen wasunsu, dalilin yana nan rubuce a takardar gwajin ECG, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

Kowane bugu yana farawa ne da wutar lantarki daga ɗakunan sama na zuciya. Kafin ta sauka ɗakunan ƙasa, sai ta bi ta mashiga guda ɗaya da ke ɗan tsayar da ita, kamar shingen bincike a kan titi. Amma mutum ɗaya zuwa uku cikin 1,000 ana haifarsu da wani ƙarin zaren tsoka, ɓarauniyar hanya da ba ta tsayar da wutar. Likitoci uku, Wolff da Parkinson da White, su ne suka bayyana larurar a 1930.

A ce saurayi ɗan ƙwallo ya zo da wannan koke. Likita zai ƙirga ƙananan gidajen takardar, kowanne daƙiƙa 0.04. Tazarar PR ta mai lafiya gida uku ce zuwa biyar. Tasa biyu da rabi. Layin QRS kuma, maimakon ya miƙe tsaye, sai ya fara da ɗan jirkicewa kafin ya hau. Wannan jirkicewar ita ce igiyar delta, shaidar cewa wani sashen ɗakunan ƙasa ya sami wuta kafin lokaci.

Haɗarin iri biyu ne. Wutar na iya sauka ta mashiga, ta koma sama ta ɓarauniyar hanya, ta yi ta zagaye, bugu ya kai 150 zuwa 250 a minti ɗaya. Mafi muni shi ne idan ɗakunan sama suka rikice suna karkarwa: mashigar kan tace yawancin wutar, amma ɓarauniyar hanya na iya sakin ta har bugu ya kusan 300. Daga nan ɗakunan ƙasa na iya rikicewa, jini ya daina zagayawa. Wannan bai cika faruwa ba, amma yana kisa. A irin wannan hali magunguna kamar digoksin da berafamil suna ƙara haɗarin, domin mashigar kaɗai suke toshewa.

Maganin dindindin shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar jini a ƙone zaren, kuma ana yin nasara fiye da sau 90 cikin 100. Duk wanda bugun zuciyarsa ya taɓa zuwa da suma, ya nemi likitan zuciya ba tare da jinkiri ba, ya kuma adana takardar gwajinsa ya riƙa nuna ta kafin a ba shi magani.