Wasiƙar ɗalibin da zai bar wurin koyon aiki kafin wa'adi

Tun shekarar 1973 hukumar ITF, mai hedikwata a Jos, ta ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban Najeriya ma'aikatu da kamfanoni don sanin makamar aiki. Ɗalibin jami'a kan yi wata shida a yawancin fannoni, na difloma kuma wata huɗu. Bayan wannan akwai shekara guda ta aiki da ake buƙata daga mai ƙaramar difloma kafin a ɗauke shi karatun babbar difloma. Sai dai ba kowa ke kai ƙarshen wa'adin ba. Wani kuɗin mota ke gagararsa, wani rashin lafiya ce a gida, wata aure ya kai ta wani gari.

Da yawansu sulalewa kawai suke yi. A wayi gari ba a gan su ba, waya ma ba a ɗauka. Asarar kuwa tasu ce, domin watannin da suka yi suna sammako sun tafi ba tare da wata shaida ba.

A ɗauki misalin mai ƙaramar difloma a fannin lantarki da ya soma shekararsa a wani kamfani a Kano ranar 3 ga Fabrairu. Mahaifinsa ya kwanta ciwo a Gusau, dole ya koma gida a ƙarshen Agusta. Wata bakwai ke nan, kaɗan babu, saura biyar. Idan ya sami wani wurin a Gusau ya cika, ba shi da abin da zai nuna na Kano sai takardar da kamfanin ya ba shi. Wasiƙa mai shafi ɗaya ce za ta samo masa ita.

Ga shugaban wurin ko jami'in kula da ma'aikata zai rubuta, ta hannun wanda ke duba aikinsa kullum, don kada wannan ya ji labari a bakin wasu. Da Turanci aka fi rubutawa, amma abin da ke ciki bai wuce haka ba: "Yallaɓai, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikin koyon da nake yi a sashen gyaran injuna ranar 29 ga Agusta, saboda rashin lafiyar mahaifina." Dalili jimla ɗaya ya isa. Ko da saɓani ne ya kore shi, wasiƙar nan ba wurin kai ƙara ba ce, tunda a fayil za ta zauna.

Godiya kuma tana son a kama suna. Wanda ya rubuta cewa a wurin ya koyi naɗin waya a injin, ya iya gano inda wuta ke zurarewa, ya yi godiyar da za a ji daɗinta, ya kuma tuna wa mai rubuta shaidar abin da zai sa a ciki.

Sannan roƙon kansa, wanda a nan aka fi yin kuskure. Bai kammala ba, don haka ba takardar kammalawa zai nema ba. Shaidar lokacin da ya yi zai roƙa, daga 3 ga Fabrairu zuwa 29 ga Agusta, da sashen da ya zauna. Wasu kan lallaɓa a cika musu ta zama shekara. Wannan ƙarya ce da za a jawo mai sa hannu cikinta, kuma rajistar shigowa da fita tana nan tana faɗin gaskiya. Idan takardar ta fito, ya duba ta kafin ya bar ofishin: a kan takarda mai tambarin kamfani take? Akwai hatimi da sunan mai sa hannu da muƙaminsa? An rubuta sunansa daidai da na takardun makaranta? Harafi ɗaya ya bambanta, sai an sake dogon zirga-zirga.

Zai kyautu ya miƙa wasiƙar da saura kamar mako biyu, kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya riƙe. Ya mayar da katin shaida da kayan aikin da ke hannunsa. Ya kuma tambayi makarantar da yake son shiga ko tana haɗa shaidun wurare biyu, tun kafin ya tattara kayansa.

Ɗan SIWES yana da ƙarin nauyi, domin horon nasa darasi ne mai maki. Sai ya fara sanar da jami'in shirin a makarantarsa, ya kuma tabbatar mai duba aikinsa ya sa hannu a littafin ayyukansa har makon ƙarshe da ya yi. Idan ya bari sai bayan watanni, mai yiwuwa ya tarar an sauya wa mutumin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai taɓa ganin fuskarsa ba.